Murɗi Uku a Cikin Akwatin Shawa

Ba don girmamawa aka fara kiranta Injiniya ba. Masu zaman benci a ƙofar shagon babanta ne suka laƙa mata sunan ranar da ta dawo daga kwalejin fasaha da takardar shaidar aikin lantarki, suna faɗa suna ƙunshe dariya. Ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Duk wanda ya kira ta da shi sai ta juyo ta amsa da ƙarfi, ta tsare shi da ido har ya ji kunyar bakinsa.

Shekara biyu ke nan tana tsaye bayan kantar shagon. Tana miƙa ƙwan fitila, tana auna waya da kamu, tana share ƙura a kan kwalaye. In aiki ya zo daga waje, Baba ne ke tafiya, ita ta bi shi da jakar kayan aiki, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran sadaka. Mitar gwajin wuta da kwaleji ta ba ta kyauta saboda ta fi kowa maki a ajinsu tana cikin jakarta ta hannu, nannaɗe da tsohon ɗankwali. Baba bai taɓa tambayar ta ba. Shi gwajinsa sukundireba mai ɗan ƙwan fitila a gindi, sai yatsa, sai shekara arba'in da mutane ke kiransa Mai Wuta. Yakan ce duk garin shi kaɗai ne ake kira da wannan suna kuma yana sa ran aljanna.

Abin da mutane ba su sani ba, ita ta sani: idon Baba ya fara tafiya. Ta ga yadda yake lalubar kan ƙusa da ɗan yatsa kafin ya ɗora sukundireba, ta ga ya daina karanta rubutun jikin fis, sai ya ce mata ta karanta da ƙarfi wai yana gwada karatun nata. Inna ma ta sani. Amma a gidan ba a furta maganar, kamar yadda ba a taɓa wayar da ba ta da riga.

A ƙarshen hutu aka kira Baba ɗakunan kwanan ɗalibai mata na wata makarantar koyon jinya. Shawar lantarki ta banɗaki na uku ta daina ɗumi, ruwan ma ɗigo-ɗigo yake zuwa. Matar da ke kula da wurin, wadda ɗalibai ke kira Uwar Makullai saboda tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunta, ta ga budurwa riƙe da jakar aiki sai ta ja ta gefe. Ta ce ta daɗe tana neman mace mai wannan sana'a, domin da zarar ɗalibai sun dawo namiji ba ya wuce ƙofar waje, in abu ya lalace sai dai a yi ta fama har wani hutun. In tana da takardu ta kawo, za a ba ta aikin gidan gaba ɗaya da sunanta. Washegari Injiniya ta kai su a cikin ambulan, ba ta gaya wa kowa ba sai Inna.

Amma a ranar farko ɗin, tana bakin ƙofar banɗaki, ta ga yadda ruwa ke tsiyaya daga kan shawar, zare biyu uku a karkace, sai bakinta ya suɓuce. Ta ce ko za a fara kwance kan a duba ramukan. Baba bai ko juyo ba. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ya aike ta ta ɗauko masa filaya da ya bari a kan babur. Kafin ta dawo ya rufe akwatin shawar, ruwan da ke tsiyaya yana tururi, yana tara hannu yana murmushi.

Kwana tara bayan haka saƙo ya zo da sassafe. Ɗalibai sun dawo, shawar ta ƙona wata yarinya, tun daga nan kuma sai ruwan sanyi. Baba ya zauna yana jujjuya hularsa. Can ya ce ta ɗauko jaka, ai yanzu shi ba zai iya shiga ba, ita za ta shiga, shi ya zauna a bakin ƙofa ya riƙa gaya mata abin da za ta yi. Ta ɗauki jakarsa, ta ɗauki tata.

Uwar Makullai ce ta shigar da ita, fuska ba annuri. Yarinyar tana zaune a gefen gado da ƙyallen magani a kafaɗa, fatar gefensa ta yi ja har wuya. Ta ba da labari a hankali. Ta kunna makunnin bango, sai ta tuna ta bar sabulu a ɗaki, ta koma, ta tsaya magana da wata. Da ta dawo ta murɗa famfo, sai akwatin ya yi gurnani, ya tofo mata tururi da tafasasshen ruwa. Allah ya sa ta kauce da fuskarta. Ta ƙara da cewa ita da ta zo koyon jinya, ga shi an fara da ita.

Injiniya ba ta yi dariya ba. Tun kafin ta taɓa komai ta san akwai abin da ba daidai ba, domin shawa mai lafiya ba ta dafa ruwan da ke tsaye. A cikin akwatin akwai ɗan makunni da ƙarfin gudun ruwa ke turawa. In ruwa na gudu sosai, ya haɗa, wuta ta shiga elemen, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan. In ruwa ya tsaya ko ya yi rauni, ya saki, wuta ta yanke. Ko an bar makunnin bango a kunne yini guda, bai kamata ɗigo ɗaya ya yi zafi ba in famfo na rufe.

Ta fara zuwa allon wuta na ƙasan bene ta kashe layin banɗakunan, ta roƙi Uwar Makullai ta sa ɗaya daga cikin makullanta ta kulle allon don kada wata ta zo ta mayar. Ta dawo ta kwance kan shawar daga tiyo, ta murɗa famfo. Ruwa ya fito da ƙarfi har ya fantsama a bango ya jiƙa mata siket. Ke nan tankin sama lafiya, bututu lafiya, 'yar rariyar da ke tace ruwa a mashigar akwatin ma ba ta toshe ba. Ta ɗaga kan shawar wajen hasken taga. Farin dutsen nan da ruwan rijiyar burtsatse ke bari ya cike ramukan kamar an shafe su da siminti. Ta ƙirga waɗanda haske ke ratsawa. Bakwai, a cikin sama da sittin.

Ta aika a kawo mata ruwan khal, mai tsamin nan, daga kicin, ta zuba a roba ta ajiye. Sannan ta kwance murfin akwatin, ta warware ɗankwalin mitarta, ta tabbatar babu wuta a wayoyin da suka shigo kafin ta sa hannu.

A nan ta gan ta. Guntuwar jar waya, ba ta kai tsawon yatsa ba, an ɗaure ta daga wannan ƙafar makunnin ruwan zuwa waccan, an tsallake shi, wuta na wucewa kai tsaye ko akwai ruwa ko babu. Kowane bakin wayar an murɗa shi sau uku, an lanƙwaso jelar baya kamar ƙugiya. Tun tana 'yar shekara shida take ganin wannan murɗin. Yana bayan fitilar ɗakin Inna, yana cikin fankar shago, yana jikin rabin gidajen unguwarsu. Baba kan ce ko a lahira aka nuna masa haɗinsa zai gane shi.

Ta tsaya riƙe da filaya. Ba wuya ta ga yadda abin ya faru. Ya buɗe akwati, ya ji makunni ba ya haɗawa, ya yanke cewa ya mutu. Ramukan da suka hana ruwa gudu suna gaban hancinsa, ba ya iya ganinsu, kuma wadda ta gani ta faɗa ya aike ta ɗauko filaya.

Uwar Makullai na tsaye a bayanta, ta tambaye ta mene ne wannan. Injiniya ba ta iya ƙarya a kan aiki ba. Ta cire wayar ta ce wannan ce ta ƙona yarinyar, ta bayyana mata dalili. Matar ta miƙo hannu, ta karɓi wayar ta damƙe.

Sauran aikin Injiniya ta yi shi da hannu mai sanyi. Ta zare wayoyin elemen ta ɗora mita a ƙafafunsa biyu, ta nuna sha biyar, daidai da abin da ya kamata ga irin ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Ta gwada tsakanin ƙafarsa da jikin tukunyar, babu yoyon wuta. Elemen bai ƙone ba. Abin da ya cece shi ɗan maɓallin kariya ne da ke manne a jikin tukunyar, wanda ke yanke wuta in zafi ya wuce kima. Ya yanke, amma bayan ruwa ya riga ya tafasa, shi ya sa tun ranar sai sanyi. Ta danna shi, ya yi ƙas. Sai ta ɗora mita a ƙafafun makunnin ruwan, ta buɗe famfo da tiyo tsirara, mita ta yi kuka. Ta rufe, ta yi shiru. Ta mayar da toshasshen kan ta sake buɗewa, mita ko uffan. Makunnin nan lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi tun farko, ruwa ne bai ishe shi ba.

Ta jiƙa kan a ruwan khal, ya yi ta kumfa kusan awa guda. Ta ari allura, ta zauna a dandamalin banɗaki tana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, ta goge da tsohon buroshin haƙori, ta ɗauraye. Ta mayar da wayoyi, ta rufe akwati, ta ɗaura kan, aka buɗe allo aka mayar da wuta. Ruwa ya sauko yalwace kamar na farkon damina, ya ɗauki ɗumi a hankali, ya tsaya daidai jiki. Ta rufe famfo ta bar makunnin bango a kunne minti goma, ta sake buɗewa. Ruwan farko da ya fito ba ya ko ƙona bayan hannu. Ɗalibai biyu da ke leƙe suka tafa mata. A wannan ɗan lokacin ta ji sunan Injiniya ya zauna mata daidai.

Baba na kan bencin mai gadi, ya ɗora hula a gwiwa. Uwar Makullai ta tsaya a gabansa ta buɗe tafin hannunta. Ta ce akwai 'yar mutane a ciki da ƙuna a kafaɗa, za ta rubuta rahoto, kuma rahoto yana son suna.

“Malam, wa ya sa wannan wayar?”

Ya karɓa. Bai kai ta kusa da ido ba, ya dai shafa bakinta da babban yatsa, sau ɗaya. Injiniya na kallon yatsan.

“Hajiya, laifina ne da na bar ta ta ƙarasa,” in ji shi. “Na ɗan fita, na ce ta rufe. Kin san yaran makaranta, hannu na rawa, suna son a ga sun iya. A yi mata afuwa, koyo take yi.”

Bai kalli inda take ba. Uwar Makullai ce ta juyo ta kalle ta, tana jira.

Magana ɗaya ta ishe ta. Kowane makunnin bango a ginin nan Baba ne ya haɗa shi shekarun baya. Ƙusa biyu kawai za ta kwance a kowane ɗaki, murɗi uku da ƙugiya su fito fili. Ita kuwa ko a jarrabawa ba ta taɓa murɗa waya da hannu ba, da maɗauri take haɗawa ta ɗaure da ƙusa, ga shi ma a cikin akwatin da ta rufe yanzu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma in ta buɗe, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi Mai Wuta bai ga toshassun ramuka ba, kafin la'asar kuwa masu benci sun ji, kafin mako ya zagayo ba mai ƙara kiransa ko canjin ƙwan fitila. Ta ga gumi a gefen wuyansa. Ta ga yadda ya riƙe hular da hannu biyu.

Ba ta ce ita ce ba. Wannan kam ko za a yanka ta ba zai fito daga bakinta ba. Ta dai ɗaga kai ta ce:

“An gyara shawar, Hajiya. A riƙa jiƙa kawunan duka a ruwan khal sau ɗaya a wata, ba za su sake toshewa ba.”

Uwar Makullai ta ɗauki wannan a matsayin amsa. Ta shiga ofis ta fito da ambulan ɗin nan, ko buɗe shi ba ta sake yi ba. Ta ce ta ga hannunta yau, ba ta raina ba, amma ba za ta iya kai wa shugaba sunan da ke cikin rahoton ƙuna ta ce a ba shi amanar yara ɗari biyu ba. Ta ƙara da cewa takarda daban, hankali daban, Allah ya sa wannan ya zame mata darasi. Injiniya ta karɓi ambulan da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa shi a jaka kusa da mita. Idonta ƙamas.

A hanya ba ta hau babur ba, ta ce za ta taka. Baba ya riƙa tura shi a gefenta. Sun wuce layi biyu kafin ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba. Ta tambaye shi guda nawa ya yi wa irin wannan haɗin, a nan ko a wani gida. Ya ce ɗaya. Ta ce ya tuna da kyau, domin ta gaba ba lallai ta kauce da fuska ba. Ya yi tafiya kaɗan, ya ce akwai ta gidan wani tela, watan jiya. Ta ce gobe da safe za ta je ta cire, kuma ba rakiya take nema ba.

Inna ta gane tun daga sallamarsu. Ta bi ta ɗaki ta zauna a bakin katifa, ta fara abin da ta saba: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, uba uba ne, mai haƙuri yakan dafa dutse. Injiniya ta ce dutsen kam yau ta dafa shi, a ruwan khal, awa guda ya narke, nata ne dai shekara biyu bai ko yi laushi ba. Inna ta ce ta rufa masa asiri, Allah zai rufa mata. Ta ce ai ta rufa, da takardunta ta rufe shi.

Da la'asar ta shiga banɗakin gidan. Shawar da ke ciki irin waccan ce, Baba ya kafa ta da hannunsa, kuma kullum da ita yake kafa hujja a shago, wai shekara shida ba ta taɓa ko tari ba saboda haɗin gwani ne. Ruwansu da na makarantar jinya duk ɗaya ne. Tun tana aji ɗaya a kwaleji, kowane farkon wata, in ya fita, takan kwance kan ta jiƙa ta bi shi da allura ta mayar. Yau ta kwance shi ta fito da shi tsakar gida, inda Baba yake zaune a kan tabarma da rediyo a kashe. Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta ajiye kan shawar a gabansa, ta ɗora allura a kai.

“Baba, wata ya kama. Ni ke yin wannan duk wata. Yau ka yi.”

Ya ɗaga murya ya ce ita wa take yi wa rashin kunya. Ba ta motsa ba. Inna ta leƙo daga kicin ta koma. Can ya ɗauki kan, ya juya shi wajen rana, ya kawo shi kusa da fuska, ya nesanta. Ya lalubi allurar, ya shafa ramukan da yatsa, ya soka. Ta zame a kan roba. Ya sake, ta zame. A karo na huɗu ta shige masa gefen farce, jini ya ɗan tsatso. Ya sa yatsan a baki. Ta ƙyale shi ya ƙara gwadawa sau biyu, tana ƙirgawa a zuci, kuma ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba.

“Kawo, Baba.”

Ya miƙa mata ba musu. Ta zauna a gefen tabarmar ta fara bin ramukan. Ya daɗe yana sauraren ƙarar allura a jikin roba. Ta san abin da take jira ya faɗa, kalma biyu ce ko uku, kuma ta san shekara arba'in sun tsaya masa a maƙogwaro.

Abin da ya fito shi ne, daga gobe in za su fita aiki ta riƙa zuwa da mitar nan tata, ta riƙa shiga ciki tare da shi.

“In shiga da sunan wa?” ta tambaya.

Ya jawo rediyo ya shiga murɗa shi yana neman tasha. Ta hura ramin da ta gama, ta ɗaga kan wajen haske ta duba, ta matsa zuwa na gaba. Saura arba'in da wani abu.